Tayar da kwamfutar da ta sandare daga nesa da soket mai waifai

Tambaya: Ina da ƙaramar kwamfutar tebur a shagonmu da ke Kano, Ubuntu ne a kanta, kuma ita ke riƙe da lissafin kaya da na ciniki. Ni kuwa aiki ya mayar da ni Abuja, daga nan nake shiga cikinta. Kusan duk bayan mako biyu sai ta sandare, ba ta amsa komai, sai na jira gari ya waye yaron shago ya kashe ta ya kunna. An ce mini soket mai waifai zai raba ni da wannan wahala. Shin haka ne, kuma yaya zan haɗa shi ba tare da na lalata na'urar ba?

Amsa: Malam, wanda ya ba ka wannan shawara bai yi kuskure ba, sai dai rabin maganar ya faɗa maka. Soket mai waifai bai san kwamfuta ba, bai san ta sandare ko tana aiki ba. Abin da ke cikinsa ɗan makunni ne da ake kira rile, wanda ke yanke wuta ya mayar da ita idan an umarce shi, daidai da abin da yaron shagonka zai yi idan ya zare filogi daga bango ya sake cusawa. Bambancin shi ne yaron yana da yatsan da zai danna maɓallin kunnawa bayan ya mayar da filogin, soket kuwa ba shi da shi. Saboda haka mafi yawan aikin ba a jikin soket ɗin yake ba, yana wajen shirya kwamfutar ta tashi da kanta, da kuma tabbatar da cewa hanyar da umarninka zai bi ba ta mutu tare da ita ba.

Ka fara da kwamfutar kafin ka kashe ko kwabo. Yawancin kwamfutocin tebur suna fitowa daga kamfani a shirye su zauna a kashe idan wuta ta dawo, har sai an danna maɓalli. Ana canza wannan a cikin BIOS, wato saitunan da ake shiga a daidai lokacin da kwamfuta ke tashi, kuma kowane kamfani da sunan da ya ba wurin: a na'urorin Dell za ka ga AC Recovery, a na HP za ka ga After Power Loss, a madabod na ASUS kuma Restore AC Power Loss. Zaɓi uku ake bayarwa galibi, wato Power Off, da Last State, da Power On, kuma na ƙarshen shi ne naka. Mutane da yawa suna zaɓar Last State suna ganin ya fi hankali, tunda yana mayar da na'ura halin da take ciki kafin wuta ta yanke. Matsalarsa ita ce ranar da wani ya kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace, ko kai da kanka ka buga umarnin kashewa a maimakon na sake kunnawa, halin da za ta tuna shi ne na kashe, kuma ko sau goma ka yanke wuta ka mayar ba za ta motsa ba. Da Power On kuwa, duk lokacin da ta ga wuta ta dawo bayan yankewa za ta tashi, ko ma yaya aka kashe ta.

Wannan saitin yana rataye ne a wuyan wani ɗan batir mai kama da kwabo da ke kan madabod, CR2032, mai bolt 3. Idan kwamfutarka tokumbo ce, kamar yadda nake zato, ka sauya shi tun yanzu ba tare da ka tsaya auna shi ba, domin kuɗinsa bai kai na motar zuwa tasha ba. Muddin filogi na jikin bango raunin batir ɗin ba ya bayyana, amma a daidai lokacin da ka yanke wuta gaba ɗaya shi kaɗai ke riƙe da agogo da saituna, kuma idan ya mutu na'urori da yawa suna komawa saitin kamfani, ko su tsaya a baƙin allo suna jiran a danna F1. Ka ga ke nan soket ya yi aikinsa daidai, amma kwamfutar tana tsaye a bakin ƙofa tana jiran hannun mutum. Duk wani abu da ke neman hannu a lokacin tashi haka zai yi maka: kalmar sirri ta BIOS, ko diskin da aka kulle da LUKS wanda ke neman kalmar sirri kafin Ubuntu ya tashi, ko wani diski na waje da aka rubuta a `/etc/fstab` ba tare da `nofail` ba, wanda idan bai bayyana ba tsarin yakan faɗa yanayin gaggawa ya ƙi kunna hanyar sadarwa. Idan da laftof kake aiki da ba mu yi nisa haka ba, domin batirinta zai ci gaba da riƙe ta a sandare na sa'o'i bayan ka yanke mata wuta.

Sai jerin yadda wuta ke tafiya, wanda nan ne na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. A wani ofis da nake kula da na'urorinsa, na sa soket ɗin a bango, na cusa masa doguwar waya mai baki huɗu wadda kwamfuta ke jiki, ban lura cewa rautar intanet ma a jikinta take ba. Da dare na'urar ta maƙale, na buɗe waya na danna kashewa, manhajar ta nuna an kashe, daga nan kuma ta nuna soket ɗin ya ɓace daga layi, domin na kashe waifan da shi kansa yake hawa. Sai da na tayar da maigadi a waya, ya shiga da tocila, ina kwatanta masa ƙaramin farin akwati mai ɗan haske a bayan kabad. Tun daga ranar nake zana jerin a takarda kafin in taɓa waya. A naka shagon, wuta ta fito daga inbata ko UPS, ta rabu biyu: reshe ɗaya ya tafi rauta kai tsaye, ɗayan ya bi ta soket mai waifai zuwa kwamfutar ita kaɗai. Ka lura da cewa soket ɗin yana bayan UPS ne, tsakaninta da kwamfuta. Idan ka sa shi a gabanta, yanke wutar da za ka yi ba zai kai ga kwamfutar ba, UPS za ta ɗauka an ɗauke wuta ne, ta koma kan batir tana kuka har gari ya waye.

Haka kuma hanyar umarni ba za ta bi ta cikin kwamfutar da kake son ceta ba. Wannan yana kama da abin da ba ya buƙatar faɗa, amma ga yadda mutane ke faɗawa cikinsa. Layukan intanet na sim galibi ba sa ba rauta adireshin da za a iya samu daga waje, don haka wanda ke shiga na'urarsa daga wani gari yakan dogara da wani abu kamar Tailscale ko WireGuard da ya girka a kan ita kwamfutar. Idan ta wannan ƙofa kake nufin isa ga soket, to ranar da kwamfutar ta sandare ƙofar ma ta rufe. Mafita biyu ce. Ko ka yi amfani da manhajar kamfanin soket ɗin, wadda ke bi ta sabar kamfanin, domin soket ɗin ne da kansa ke fita ya haɗu da ita, ko kuma ka ajiye ƙofar shigarka a wata na'ura dabam, kamar ita rautar idan tana iyawa, ko ƙaramar Raspberry Pi da ke reshen wutar rauta. Ga shago guda da kwamfuta guda ina ganin manhajar kamfani ta wadatar, muddin ka sa wa asusun kalmar sirri mai ƙarfi, tunda duk wanda ya shiga asusun yana iya kashe maka na'ura a tsakiyar ciniki. Ka kuma sani cewa mafi yawan waɗannan soket ɗin waifai na 2.4 GHz kawai suke hawa, saboda haka kada a kashe wannan zangon a rauta.

Wajen saye, ka nemi mai ƙafa uku irin na bangonmu, wanda aka rubuta masa 13 A, ka kuma fifita wanda ke auna wutar da ake ja, domin wannan awon shi ne idonka a cikin shagon, kamar yadda za ka gani a gaba. Abu na biyu da za ka duba shi ne ko ana iya gaya masa abin da zai yi idan shi kansa an ɗauke masa wuta an dawo da ita. A wurin da ake sauyawa tsakanin wutar layi da janareto sau da yawa a rana, soket ɗin da ke tashi a kashe zai zama shi ne sabon abin da ke hana kwamfutarka aiki. Ka saita shi ya tashi a kunne koyaushe. Idan manhajar Tasmota ce a kansa, ga umarni biyu da nake fara bugawa:

```
PowerOnState 1
SetOption65 1
```

Na farko yana sa ya kunna da zarar ya sami wuta. Na biyun ya fi muhimmanci a irin yanayinmu fiye da yadda ake zato. Tasmota tana da wata dabarar ceto, wadda idan aka yanke wa na'ura wuta aka mayar sau bakwai a jere cikin sauri sai ta goge saitunanta, har da sunan waifai da kalmar sirrinsa. An yi wannan ne domin mutum ya iya farfaɗo da na'urar da ta ɓace masa, amma wutar da ke ƙyaftawa ko janareton da ke tari kafin ya kama suna iya yin daidai wannan, ka wayi gari soket ɗinka ya manta gidansu. Umarnin na biyu shi ke kashe dabarar.

Yanzu ga yadda ake yankewar kanta. Kada ka riƙa aika umarni biyu, ɗaya na kashewa ɗaya na kunnawa, domin tsakaninsu datarka na iya ƙarewa ko sabis ya ɗauke, ka bar na'ura a kashe. Ka aika umarni ɗaya wanda ke ɗauke da lokacin dawowa, ta yadda soket ɗin ne zai ƙirga da kansa ya mayar da wuta ko da ka ɓace daga layi. A Tasmota haka ake rubuta shi, kuma `Delay` yana ƙirge ne da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato 300 daƙiƙa 30 ke nan:

```
Backlog Power off; Delay 300; Power on
```

A na'urorin Shelly na ƙarni na biyu zuwa sama kuwa, idan adireshin soket ɗin a shago 192.168.1.50 ne:

```
curl "http://192.168.1.50/rpc/Switch.Set?id=0&on=false&toggle_after=30"
```

Idan manhajar waya kawai gare ka, ka duba ko tana da wurin da ake cewa ya sake kunna kansa bayan wani lokaci da kashewa, ka saita shi sau ɗaya.

Daƙiƙa 30 ɗin ba don ado na zaɓe su ba. Akwatin wutar kwamfuta yana da wani layi mai bolt 5 da ba ya mutuwa ko an kashe na'ura, wanda ke ciyar da ɓangaren madabod mai sauraron maɓallin kunnawa. Idan aka yanke wuta, manyan layukan suna faɗuwa nan take, amma wannan ƙaramin layin yana iya ci gaba da shan abin da ya rage a cikin kafasito na wasu daƙiƙu. Ka taɓa zare caja daga bango ka ga ɗan koren haskenta bai mutu nan da nan ba? Abin ke nan. Idan ka mayar da wuta bayan daƙiƙa biyu ko uku, madabod yana iya ganin cewa an dai kashe na'ura amma wuta ba ta taɓa yankewa ba, sai saitin Power On ya ƙi aiki, kwamfutar ta zauna a kashe. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗora wa BIOS laifi. Idan ka gwada 30 ba ta isa ba, ka kai 60. Dogon jiran yana kuma hana ka yawan kunnawa da kashewa a jere, wanda ke wahalar da rile: a lokacin da wuta ta dawo kafasiton da suka zube suna fizgar wuta mai yawa na ɗan ƙyaftawar ido, kuma a soket mai arha wannan yana iya narkar da bakin rilen ya manne, manhaja ta riƙa nuna an kashe alhali wuta na wucewa.

Kafin ka koma Abuja ka yi gwaji kana tsaye a gaban na'urar, amma kada ka taɓa ta, ka kuma kashe waifan wayarka ka yi aiki da data kamar kana nesa. Ka kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace, ka aika umarnin yankewa, ka ga ko za ta tashi har ta karɓi SSH, wato hanyar shiga cikinta daga nesa. Sannan ka cire mata allo da madannai ka sake, tunda wasu na'urori suna tsayawa idan ba su ga madannai ba. Daga nan ka kashe wutar shagon gaba ɗaya ka mayar, domin ka ga rauta da soket da kwamfuta duk sun dawo ba tare da taimako ba. A cikin wannan gwajin ka rubuta lambobi uku daga awon soket: abin da na'urar ke ja a kashe, da abin da take ja tana zaune ba aiki, da na lokacin da take aiki sosai, ka kuma auna daƙiƙa nawa take ɗauka daga dawowar wuta zuwa karɓar SSH.

Mu ɗauka ka samu wat 1 a kashe, wat 12 a zaune, wat 45 a cikin aiki, tashi kuma daƙiƙa 70. Wata rana da ƙarfe goma na dare ka nemi shiga, shiru. Abu na farko shi ne ka buɗe manhajar soket. Idan shi ma ba ya kan layi, to matsalar ba ta kwamfuta ba ce, ko batirin inbata ya ƙare, ko rauta ta maƙale, ko datar sim ɗinta ta ƙare, kuma babu abin da za ka yanke. Idan yana kan layi yana nuna wat 1, kwamfutar a kashe take ba a sandare ba, yankewa da mayarwa zai tayar da ita ba tare da wata asara ba. Idan yana nuna wat 45 ko wat 12 a tsaye cak, minti biyar lambar ba ta motsa ba, wannan ya yi kama da sandarewa ta gaske. Idan kuwa lambar tana hawa tana sauka, 14, 30, 18, 40, to na'urar tana raye tana wani aiki, wataƙila tana girka sabuntawa, ko ƙwaƙwalwarta ta cika tana fama da diski, ko hanyar sadarwarta ce kawai ta faɗi. A nan ka ba ta minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin ka yanke hukunci.

Dalilin wannan haƙuri shi ne amsar ɓangaren tambayarka na lalacewa. Na'urar da ta sandare da gaske ba ta rubuta komai a diski, duk abin da za a rasa an riga an rasa shi tun lokacin da ta tsaya, yanke wuta ba ya ƙara wani abu mai yawa. Wadda ke raye kuwa tana iya kasancewa a tsakiyar rubutu. Tsarin ext4 da Ubuntu ke amfani da shi yana da kundin da ke kare fasalin diski, shi ya sa yawanci yake tashi lafiya, amma Linux yana iya riƙe sabon rubutu a ƙwaƙwalwa har kimanin daƙiƙa 30 kafin ya sauke shi, kuma kundin ba ya dawo da abin da bai kai diski ba. Mafi muni shi ne a yanke wuta ana cikin girka sabuwar ƙwayar tsarin, wato kernel na Linux, domin na'urar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Tunda lissafin ciniki ne a ciki, ka sa ta riƙa aika kwafinsa zuwa wani wuri kowane dare tun kafin ka fara amfani da soket. Bayan ka yanke kuma, ka zuba wa awon ido: ya faɗi sifili, bayan daƙiƙa 30 ya yi tsalle sama, sannan ya sauko kusa da 12. Idan ya dawo ya tsaya a 1, BIOS bai tayar da ita ba. Idan ya sauko 12 amma minti biyar babu SSH, ta tsaya a wani allo tana jiran mutum, kuma maimaita yankewa ba zai gyara wannan ba. Ni ba na wuce gwaji biyu, daga nan sai in jira safiya.

Akwai hanya ta biyu ga mai iya buɗe akwati, wato ƙaramin allo irin ESP32 da rile ko na'urar raba da'ira ta haske kamar PC817, a haɗa shi da filoli biyu na maɓallin kunnawa ko na sake tashi a kan madabod, waɗanda ake rubuta wa PWR_SW da RESET_SW. Haɗa filolin na rabin daƙiƙa daidai yake da danna maɓalli, riƙe na kunnawa fiye da daƙiƙa 4 kuma yana kashe na'ura da ƙarfi. Amfaninsa shi ne kana iya fara gwada dannawa ɗaya, wadda na'urar da ke da sauran rai za ta ɗauka a matsayin roƙon ta rufe kanta cikin tsari, abin da soket ba zai taɓa ba ka ba. Sharaɗin da ba a wasa da shi shi ne bakin rilen ya zama wanda ba ya ɗauke da wutar kansa, yana haɗa waya biyu ne kawai, domin yawancin makunnan waifai na gida wutar bango mai bolt 230 suke fitarwa, kuma idan ta taɓa waɗannan filoli madabod ya tafi. Sai dai ƙananan kwamfutocin ofis da yawa ba su da maɓallin sake tashi, mahaɗin maɓallinsu ma na kamfani ne na musamman, kuma akwai maƙalewar da ba ta sakuwa sai an zubar da wutar jira gaba ɗaya. Saboda haka ga irin na'urarka soket na fi zaɓa maka.

Abu ɗaya da zan ƙara shi ne ka bar kwamfutar ta fara ceton kanta, soket ya zama na ƙarshe. Yawancin madabod suna da agogon tsaro wanda ke sake kunna na'ura idan tsarin ya daina taɓa shi. Ka buga `wdctl` ka ga ko naka ya bayyana. A Ubuntu sau da yawa sai ka ɗora direbansa da kanka, wanda a na'urorin Intel `iTCO_wdt` ne. Idan ya bayyana, ka sa layi na farko a `/etc/systemd/system.conf`, na biyu kuma a wani fayil mai suna da ke ƙarewa da `.conf` cikin `/etc/sysctl.d/`:

```
RuntimeWatchdogSec=60
kernel.panic=10
```

Da waɗannan, sandarewa ta gaske takan warware kanta cikin kimanin minti ɗaya, ƙwayar tsarin kuma idan ta faɗi za ta sake tashi bayan daƙiƙa 10 maimakon ta tsaya.

Duk lokacin da na'urar ta dawo, kafin ka shiga lissafinka, ka buga `journalctl -b -1 -e` ka karanta layukan ƙarshe na zaman da ya mutu, ka rubuta rana da sa'a. Idan ka ga saƙon ƙarewar ƙwaƙwalwa ko kurakuran diski, ka sami bakin zaren. Idan rubutun ya yanke ne kawai ba tare da wani ƙorafi ba, zargi ya fi komawa kan kayan jiki, wato ƙwaƙwalwa mai rauni, ko akwatin wuta da ya gaji, ko zafi. Na'urar da ke zaune a ƙasan kanta a Kano, wadda ta sha ƙurar hunturu sannan zafin Afrilu ya same ta a rufaffen shago, ita ce ta farko da zan sa a buɗe a hure mata fanka, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta, sannan a bar ta kwana guda tana gwajin Memtest86+ a zuwanka Kano na gaba.